Irin Gyaɗar da Na Soye

Har yau in iska ta kwaso mini ƙamshin gyaɗa a kasko, sai zuciyata ta yi wani irin tsalle, rabinsa daɗi rabinsa tsoro. Daɗin na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Tsoron kuwa na wani rumbu ne ƙarami da ke bayan ɗakin uwarsa a Matameye, wanda na hau sau uku ba da iznin kowa ba.

Shekarata ta biyu ke nan a ɗaki. Zamanin Nasara ne, lokacin da gyaɗa ta zama sarauniyar ƙasarmu. Da kaka masu sikeli su kafa rumfuna, manyan motoci su yi ta kwasar buhuna, kowane magidanci da gyaɗa yake biyan lanho, wato haraji, da ita yake ɗinka wa iyalinsa sutura. Gero na ci ne, gyaɗa ta kuɗi ce. Wanda bai shuka ta ba, shekararsa ta mutu tun ba ta fara ba.

Da aka gama kaka maigida ya yi shirin cin rani a Kano, kamar yadda mazan unguwarmu suka saba. Kwana ɗaya kafin ya tafi ya auna kwando shida na gyaɗa mai ɓawo, wadda ya zaɓa da hannunsa daga inda gona ta fi kyau, ya zuba a ƙaramin rumbu. Ya kwaɓa laka ya liƙe bakin, ya danna tafin hannunsa a kai, sannan ya kifa hular ciyawa. Ina tsaye a ƙasa ina riƙe masa tsani.

Ya ce, "Wannan iri ne. Ko yunwa ta zo, gero za a taɓa, ba shi ba."

Na ce, "Wa zai taɓa? Ni da ko leƙa rumbu ban isa ba."

Gaskiya na faɗa. A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun miji. Abin da aka auno aka ba ta shi ne nata.

Ya sauko yana goge hannu, ya dube ni da murmushin nan nasa. Ya ce, "Me zan tarar in na dawo?"

Ni kuma da bakin yarinta na ce, "Ka bar ni da turmi, za ka same ni da tunkiya a turke."

Ya yi dariya har Inna, wato mahaifiyarsa, ta yi gyaran murya daga ɗaki. Wannan maganar tawa ita ta zame mini igiya a wuya.

Ina da 'yar gamana da ya yanka mini a gefen gonarsa, na kuma sami gyaɗa mai auki a wannan shekara. Maimakon in kai wa masu sikeli, sai na ce mai zan yi. Sana'ar uwata ce, na tashi a cikinta. A soya gyaɗa sama-sama a kasko, a murje, a bushe jan ɓawon, a daka a turmi har ta yi laushi ta kama jiki. Sannan a riƙa ɗiga ruwan zafi ana tuƙawa da taɓarya, ana tuƙawa, har kafaɗa ta fara kuka, sai ka ga mai ya taso yana ƙyalli. A kwashe, a matse tunkuzar, a sa gishiri, a mulmula ƙuli-ƙuli a soya a cikin man. Tiya biyar ta ɓararriyar gyaɗa takan ba ni kwalba huɗu bayan suya, da ƙuli-ƙuli cikin ƙwarya babba. Aikin kwana uku ne, in ba a yi wasa ba.

Wata dillaliya, tsohuwa mai bakin zuma, ita ke kai mini kasuwa. Cikin kowace dala goma tana cire ɗaya, sauran ta ƙulle a gefen zane ta kawo. Nakan zuba a kumbona in rufe, in girgiza in ji ƙara. A cikin wannan ƙarar nake jin kukan tunkiyata. Fara ce, mai baƙin kunne. Har na ga yadda zai shigo da ƙurar hanya a ƙafa, ya tsaya, ya dube ta, ya dube ni, ya rasa ta cewa.

Da gyaɗar gamanata ta ƙare, na fara saye a kasuwa. Da fari tiya dala tara. Sai goma. Sai sha ɗaya. Motoci sun kwashe gyaɗar ƙasa, abin da ya rage a hannun mutane kaɗan ne. Man kuwa bai bi ta ba yadda ya kamata, domin kowane gida akwai mai matsa, kuma mai saye in ka ƙara masa tamma ɗaya sai ya wuce gaba. Ban lura da komai ba. Abin da na gani kawai, kuɗin da ke sayo mini tiya biyar ya koma sayo huɗu, sannan uku. Na ɗora laifin a kan masu awo. Da zafi ya tsananta, tiya ta kai dala sha uku, na buɗe kumbo na ga abin da ke ciki ba zai ɗora kasko ba.

Ranar Inna ta tafi suna a unguwar gabas. Gida ya yi tsit. Na zauna a gindin turmi ina kallon hular ƙaramin rumbu, ita ma kamar tana kallona. Na ce a raina aro ne. Kwando ɗaya, in matse, in sayar, in mayar, wa zai sani? Na jingina tsani. Na hau na ƙwanƙwashe lakar, shatin tafinsa ya rabe biyu a gabana. Na ɗebi kwando, na kwaɓa sabuwar laka na liƙe.

Da dillaliya ta kawo kuɗin wannan karon, dala sittin da bakwai, sai na ga kumbo ya yi nauyin da bai taɓa yi ba, domin ban fitar da ko tamma na sayen gyaɗa ba. Na ce ashe sana'a na da riba. Mako na gaba na sake hawa. Na bayansa ma haka. Cikin kuɗin na sayi zane mai ruwan bula da zan ɗaura ranar da zai dawo, na sayi turare, na yi gudummawar biki biyu. Mayar da iri kuwa kullum sai mako mai zuwa.

Ana haka gabas ta fara haɗa gira da yamma. Tsofaffi suna cewa ruwa bai fi kwana goma sha ba. 'Yan cin rani suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wani ya kawo saƙo cewa maigida na nan tafe kafin shuka.

A makon nan Hajiya ta sauka. Ƙanwar Inna ce, tana aure a Damagaram a gidan fatake, ta zo duba 'yar'uwarta da idonta ya fara rauni. Mace ce gajera, mai ƙiba, ba ta da yawan dariya. An ce tun tana yarinya take juya kuɗi, kuma ba a taɓa cutarta sau biyu ba.

Washegari da hantsi ina hura wuta, ta fito ta zauna a kan tabarma kusa da murhu tana tauna goro. Ta daɗe tana kallon abin da nake turawa a wutar.

Ta ce, "Amarya, da me kike hura wutar nan?"

Na ce, "Ɓawon gyaɗa ne, Hajiya. Yana rage mini itace."

"Dabara. A kasuwar garin nan da ɓawo ake auna muku tiya?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa a baya. Na ce, "Wani lokaci."

"Uhm." Ta tofar da goro. "Ni dai da na zaga jiya, ɓararriya na gani."

Kafin in sami abin faɗa sai ga sallamar dillaliya. Ta shigo da fara'arta, ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta juyo gare ni.

"Amaryar gida, yau na zo miki da arziki har ɗaki. Wani mai hali a Dungu zai aurar da ɗansa, kwalba goma sha biyu suke so, kuma na ce musu in ba man hannunki ba kada su karɓa. Dala sha biyar-biyar! Kin taɓa jin haka a garin nan?"

Kwalba sha biyu kwando uku ke nan. Daidai abin da ya rage a rumbu.

Hajiya ta ce, "Kuɗi a hannu?"

"Haba Hajiya, mutanen kirki ne. Da an watse biki."

"Da an watse biki ango ma bashi yake ci."

Dillaliya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce mini, "Gobe da hantsi zan biyo in ji. Kada ki yi sanya, matar mai gyaran keke ma tana so."

Da ta fita, Hajiya ta ce, "Ɗebo mini tsakuwa cikin ƙoƙo. Ki cika shi."

Na ɗebo. Inna na ɗaki, ƙofarta a buɗe, na san duk abin da za a faɗa zai shiga kunnenta. Hajiya ta share ƙasa da tafin hannu.

"Kowace tsakuwa dala ce. Kasko ɗaya, man nawa kike sayarwa?"

"Kwalba huɗu, sha uku-uku."

Ta ƙirga hamsin da biyu ta tara. "Ƙuli?"

"Ashirin da biyu, in ya ƙare duka."

Ta ƙara. Tsibin ya yi kyau a ido, saba'in da huɗu. Na ji ɗan sanyi a raina, na ce ko yanzu ta ga ba wasa nake ba.

"To. Mai bakin zuman nan nawa take ci?"

"Bakwai."

Ta ja bakwai gefe. "Itace?"

"Ai itace ba wani abu ba ne, Hajiya."

"Kyauta matan ƙauye ke ba ki?"

"Dala huɗu."

"Ruwa? Na ga mai jan guga yana shigo miki da tulu."

"Biyu."

"Gishiri?"

"Ɗaya."

Tana ja ina kallo, kamar ana yanka naman jikina. Ta ƙirga abin da ya rage. "Sittin. Yanzu biya gyaɗa. Tiya biyar, sha uku-uku. Ƙirgo mini sittin da biyar daga nan."

Na sa hannu ina ƙirgawa, ko da yake na riga na sani. Tsakuwa ta ƙare a sittin. Hannuna ya tsaya a kan ƙasa.

"Saura biyar," in ji ta. "Ina za ki samo?"

Na janye hannuna daga tsakuwar.

"Ban sa kwalbar da ke fashewa ba. Ban sa gyaran da ake yi wa mai saye ba, ko ƙulin da ake miƙa wa baƙo. Ban sa kafaɗarki ba, kwana uku kina daka. Da kaɗi kika zauna kika yi a kwana ukun nan, da ko dala biyu kin ajiye, kuma ba wanda zai bi ki. Ke kowane kasko biyan dala biyar kike yi don a bar ki ki sha wahala. Riba ta ƙare tuntuni, kin cinye uwar kuɗi, yanzu uwar wa kike ci?"

Na ce da ƙaramar murya, "Ai wannan gyaɗar ba saye na yi ba."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Hajiya ta ɗago ta dube ni.

"Na sani. Abin da ya rufe miki ido ke nan. Kin ɗauka abin da ba ki fitar da kuɗi kin saya ba kyauta ne. Tun gyaɗar gamanarki ba kyauta ba ce, da kin kai sikeli da kuɗi za a ba ki. Balle wannan." Ta rage murya, amma ba sosai ba. "Kwando nawa?"

"Uku."

"Cikin?"

"Shida."

Ta ce, "Inna lillahi." Daga cikin ɗaki na ji carbin Inna ya tsaya.

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Shi ya sa nake son na Dungun nan, Hajiya. Dala sha biyar ne fa. In na yi shi sai in mayar da duka, in huta."

"Mayar da tsakuwar, mu gani."

Wannan karon goma-goma ta tara da manyan tsakuwa. Mai ɗari da tamanin, ƙuli sittin da shida. Ta cire na dillaliya ashirin da huɗu, ta cire itace da ruwa da gishiri na kasko uku, ashirin da ɗaya. Ya rage ɗari biyu da ɗaya. Ta cire kuɗin gyaɗa kwando uku, ɗari da casa'in da biyar. Ta tura mini 'yan tsakuwa shida gabana da yatsa ɗaya.

"Ga tunkiyarki. Dala shida, aikin kwana tara. Wannan ma in sun biya, in ƙuli kasko uku ya sami masu saye a mako ɗaya. Ranar da kika gama, rumbu ba ko ƙwaya. In ruwa ya sauka kuɗinki na Dungu, da me yaron nan zai shuka? Ranar da ƙasa ta jiƙa, mai iri ba ya sayarwa ko da kin kai masa zinariya."

Ban taɓa gaya mata zancen tunkiya ba. Ashe Inna ta ji tun ranar tsani.

Na ce, "To ki ranta mini, Hajiya. Wallahi da kaka zan biya."

"Ba zan ba ki ba."

Ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba.

"In na ba ki yau, jibi kasko na kan wuta. Nawa ke kumbonki?"

"Ɗari da ashirin."

"Ba naki ba ne, na rumbu ne. Ni gobe da sassafe zan bi mota. Ba zan ce miki yi ko bari ba, ke ce mai kasko. Amma in iri za ki saya, kada ki sayi ɓararriyar kasuwa, gauraye ce, da tsohuwa da fasasshiya, rabinta ba za ta tsiro ba. Ki nemi mai ɓawo a hannun manomi."

Yinin nan ban iya cin abinci ba. Inna ba ta ce mini komai ba, ko kallon inda nake ba ta yi, kuma wannan ya fi duka zafi. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa zana. Na tsaya a tsakar gida ina roƙon Allah kada ya sauka. Ni 'yar manoma, jikar manoma, ina roƙon kada a yi ruwa. Hadarin ya yi ta gurnani, sannan ya zame ya yi kudu. Sai a lokacin na zauna a ƙasa.

Da safe Hajiya ta tafi. Inna ta raka ta bakin hanya, gida ya sake zama nawa ni kaɗai. Ba zan ɓoye ba, na ɗauko tsani. Na jingina shi, na hau har sama, na ɗaga hular. Wata murya a cikina tana cewa tsakuwa ba ta san sa'a ba, watakila mutanen Dungu su biya nan take, watakila su ƙara da tukwici, watakila ruwa ya yi jinkiri. Wahalar wata biyar fa, a ce ta tashi a banza? A ce ya shigo ya tarar da turke babu komai, ni kuma hannu duk kanta?

Sai na dubi lakar. Shatin yatsuna ne a kai, ƙanana, a inda nasa babban tafin yake a da. Na tuna yadda ya durƙusa a gona yana zaɓar gyaɗar nan ɗaya-ɗaya, yana girgiza ta a kunne. Daga can sama ina hango tsakuwa shidan nan a gindin murhu, ba wanda ya share su.

Ina nan a kan tsani dillaliya ta yi sallama.

Ta ɗaga kai ta gan ni, ta washe baki. "Yawwa 'yar albarka, har an fara?"

Na mayar da hular, na sauko. Na ce, "Iya, na sauke kasko. Ki kai wa matar mai gyaran keke."

"Ke! Wa ya zuga ki? Mutanen birni ko? Su da ba su san daka ba sai ƙirga!"

"Ba wanda ya zuga ni."

"Dala sha biyar fa, yarinya. Arziki na kiranki kina toshe kunne. To ni me zan ce wa mutane?"

"Ki ce gyaɗa ta fi ƙarfina."

Ta yi ta magana, ta yi zuma ta yi barkono. Ni dai ban canja ba. Daga ƙarshe na shiga ɗaki na ɗauko kwalabena da zanen nan mai ruwan bula, ko sau ɗaya ban ɗaura ba, na ce ta saya. Nan take fushinta ya wuce. Zanen da na saya talatin ta ba ni ashirin da biyu, kwalabe takwas. Na haɗa da na kumbo, ɗari da hamsin.

Da Inna ta dawo na durƙusa a bakin ƙofarta, na ce ina neman izni in je Icirnawa wurin kawuna.

Ta ce, "Idona ne ya tafi, 'yar nan, kunnena na nan. Mako uku ina jin ana ɓara a gidan nan."

Na ce, "Inna, me ya hana ki yi mini magana?"

"Ina jira in ga ko ke za ki yi. Tashi ki tafi, rana na yi."

Na bi wasu mata da suka ci kasuwa za su koma. Duk hanya idona na gabas. Kawuna ba shi da rarar iri, amma ya kai ni wurin wani maƙwabcinsa dattijo. Dattijon ya ce kwando saba'in, ba ragi, don shi ma da ya jira kwana kaɗan da ya fi haka samu. Na fasa ƙwaya uku na duba, cikakku ne, jajaye. Na biya kwando biyu. Na ba mai jaki huɗu. Na dawo Matameye da dala shida a gefen zane, na yi dariya ni kaɗai a hanya har mai jakin ya waiwayo.

Kwando biyar ke nan a rumbu. Na shidan babu inda zan samo shi.

Kwana huɗu bayan haka ya dawo, da rana tsaka, da ƙunshi a ka. Ya rame, ya yi baƙi, amma da ya yi sallama sai na ji duk gidan ya cika. Na kawo masa ruwa da tsohon zanena a jiki. Na ga idonsa ya je turke ya dawo. Washegari da asuba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha har ta ƙoshi.

Gari na wayewa ya ɗauki tsani. Na zo na riƙe masa kamar wancan karon. Ya ɗaga hular, ya tsaya. Ina ganin bayansa kawai. Ya ɗora tafinsa a kan shatin yatsuna, ya rufe su gaba ɗaya, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Hannun Inna ya fi wannan girma."

Na ce, "Nawa ne."

Na faɗa masa duka ina riƙe da tsanin, ban rage ba. Kwando uku, da zane, da Dungu, da tsakuwa, da dattijon Icirnawa. Bai sauko ba sai da na gama. Ya fasa lakar ya leƙa, ya ɗebo gyaɗa a hannu ya girgiza a kunne, ya fasa ɗaya ya duba.

"Biyar?"

"Biyar."

"Da kin yi na Dungun fa?"

"Da babu ko ɗaya."

Ya sauko. Fuskarsa ba dariya, ban taɓa ganinta haka ba. Ya ce, "Kin san da wannan nake biyan lanho."

"Na sani."

"Kwando ɗaya ƙarshen gona ne gaba ɗaya, daga gawon nan har iyaka."

Na ce, "Ka cire rabon gamanata bana. Ka shuka naka ya cika iya inda zai kai."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki. "Kai, ƙasa na shan iska kuna tsaye kuna shari'a? A kai gero gona, a zo a zauna ɓara."

Gero aka fara shukawa, kamar kullum. Kwana biyu muna ɓarar iri mu uku a inuwar zaure. Da ruwa na biyu ya sauka muka shuka gyaɗa, yana sara da sungumi ina bi ina jefawa ina rufewa da diddige. Iri ya ƙare kafin iyaka, ko da an haɗa da rabona. Abin da ya rage, da gamanata, wake muka zuba. Bayan shuka ma ya yi kwana shida ba ya yi mini magana sai ta dole. Kwana shidan nan sun fi mini watannin cin raninsa tsawo.

Ran na bakwai gyaɗa ta fara fasa ƙasa. Muka je dubawa, ya tsuguna a layin irin Icirnawa yana ƙirga tsiro. Ya tsiro sosai, ba gurbi. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, bai dube ni ba ya ce, "Wai wace irin tunkiya ce ma?"

Na ce, "Fara, mai baƙin kunne."

Ya ce, "To a gaishe ta."

Na juya baya don kada ya ga ina dariya da hawaye tare.

Da kaka gyaɗarmu ta gaza ta bara. Bayan lanho, abin da ya rage bai kai ya ɗinka rigar da ya yi niyya ba, da tsohuwa ya yi salla, kuma kowa a gidan ya san dalili. Ban bar mai har abada ba. Shekarar da ta biyo na sake ɗora kasko da kaka, lokacin da gyaɗa ke da araha, amma da ƙoƙon tsakuwa a gindin murhu. Kowane mako sai na zauna na biya kowa, har gyaɗar gamanata nakan biya ta kuɗin da sikeli zai ba ni. Ranar da tiya ta wuce dala goma, abin da ke saura bai kai ladan kafaɗata ba, sai in wanke kasko in kife, in ɗauko mazari. Dillaliya takan ce na zama 'yar Damagaram.

Tunkiyar sai a shekara ta uku na ɗaure ta. Ja ce, kunnenta ɗaya a yage.